Tsaftace Sawun GPX Bayan Hawan Dutse da Gwada Shi da Hanyar da Aka Tsara

Fayil ɗin GPX rubutu ne da waya ko agogon hannu ko na'urar GPS ke ajiyewa don nuna wuraren da mai riƙe da ita ya bi. Kamfanin TopoGrafix ne ya fito da tsarin a 2002, kuma sigar 1.1 ta 2004 ita ce aka fi amfani da ita har yau. Abu uku fayil ɗin ke iya ɗauka: wuri guda da aka yi wa alama, wato `wpt`, hanyar da aka tsara kafin a tashi, wato `rte`, sai sawun tafiyar da aka yi a zahiri, wato `trk`. Sawun jerin ɗigo ne, kowane ɗigo da matsayinsa a doron ƙasa, da tsayinsa daga teku, da lokacin da aka rubuta shi:

```xml
<trkpt lat="9.95012" lon="9.03040">
  <ele>1452.3</ele>
  <time>2024-01-13T06:15:02Z</time>
</trkpt>
```

Harafin `Z` da ke ƙarshen lokacin yana nufin agogon duniya na UTC, wanda agogon Nijeriya da na Nijar suka riga shi da awa ɗaya, don haka ƙarfe 6:15 na cikin fayil ƙarfe 7:15 ne na safe a Jos. Lamba ta biyar bayan ɗigon digiri kuwa tana daidai da mita 1.1 a ƙasa, domin digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kusan kilomita 111 ne. Yawan lambobin na iya sa mutum ya zaci na'urar ta san inda take daidai da taku. Ba ta sani ba. Kowane ɗigo ƙiyasi ne, kuma aikin tsaftacewa shi ne a raba kuskuren na'ura da tafiyar ƙafa, ba tare da an share ainihin ɓatan hanyar da ake son ganowa ba.

Inda kuskuren yake fitowa

Na'urar GPS tana gane matsayinta ne ta auna lokacin da sigina ya ɗauka daga taurarin ɗan'adam zuwa gare ta, kuma tana bukatar aƙalla huɗu. A fili, inda sama take a buɗe, wayar zamani kan yi kuskuren da bai wuce kamar mita 5 ba. A cikin duwatsu lamarin yakan canja. Katangar dutse tana rufe rabin sama, sai taurarin da ake gani su taru a ɓangare guda, lissafin ya raunana. Abin da ya fi wannan muni shi ne siginar da ta bugi dutse ta dawo kafin ta iso waya. Ta yi doguwar hanya, waya kuwa ba ta san haka ba, sai ta ajiye mai tafiya a wurin da bai taka ba. Duhuwar itatuwa, da sanya waya a ƙasan jaka, da tsarin tattalin batir da ke kashe GPS idan allo ya mutu, duk suna ƙara nasu.

Kuskuren iri huɗu ne a kan taswira, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai tsalle, inda ɗigo ɗaya ko biyu suka fita can gefe suka dawo. Akwai rawar layi, inda sawun ke ɗan karkata dama da hagu ko da mutum ya miƙe sosai. Akwai cukurkuɗar wurin hutu, da ke taruwa duk inda aka zauna na'ura tana ci gaba da rubutu. Na huɗu, wanda ya fi wuyar sha'ani, shi ne zamewa: sawun ya matsa gefe mita 20 ko 30 ya yi ta tafiya a haka na wasu mintuna, sumul, ba alamar komai.

Don bayanin ya tsaya a kan ƙafa, a ɗauki misali da lambobin da aka zaɓa don sauƙin lissafi. Wasu matasa sun tsara zagayen kilomita 8 a duwatsun Shere da ke gabashin Jos, inda manyan duwatsu ke tsaye gefen hanya. Sun yi awa uku, waya tana rubuta ɗigo kowace daƙiƙa, wato ɗigo 10,800. Da suka sauko, manhaja ta ce sun yi kilomita 9.9. Tambayar ita ce nawa ne daga cikin ƙarin kilomita 1.9 ɗin nan ƙafa ta taka.

Tsaftacewa daki-daki

Kafin komai ana ajiye fayil na asali a gefe, a yi aiki a kan kwafi, domin duk matakin tsaftacewa yana zubar da wani abu da ba ya dawowa. Sannan a buɗe sawun a kan taswira ko hoton tauraron ɗan'adam, da manhaja irin su GPXSee ko JOSM ko QGIS, a dube shi da ido. Ido yakan kama abin da lissafi zai rasa. A nan ne ake yanke farko da ƙarshe: ɗigogin minti na farko, lokacin da waya ba ta gama kama taurari ba, da kuma tafiyar mota idan an manta ba a tsayar da rubutu ba. Wanda zai ba wasu fayil ɗin yana da ƙarin dalilin yanke wannan ɓangare, domin yakan nuna ƙofar gidansa.

Daga nan sai tsalle, kuma gudu ne ke tona shi. Mai tafiya a ƙasa yana yin kamar mita 1.2 zuwa 1.4 a daƙiƙa, a kan hawa ma bai kai haka ba. Idan ɗigo biyu da daƙiƙa ɗaya ta raba su suka yi nisan mita 60, gudun ya zama kilomita 216 a awa, abin da ba ɗan'adam da zai yi shi da ƙafa. Sai a sa iyaka, a ce mita 3 a daƙiƙa, duk ɗigon da ya wuce ta a cire shi. Amma akwai tarko a nan. Tsalle yana haifar da gudu mai yawa sau biyu, wajen fita da wajen dawowa, kuma ɗigon dawowar lafiyarsa lau. Saboda haka ana auna kowane ɗigo ne da ɗigo na ƙarshe da aka amince da shi, ba da wanda ya gabace shi a jeri ba. In ba haka ba, za a zubar da mai kyau tare da maras kyau. A misalin Shere, a ce an sami tsalle biyar, kowane mita 60 fita da mita 60 dawowa. Mita 600 ke nan da ba a taka ba, tsawon sawun ya sauko zuwa kilomita 9.3.

Wasu na'urori suna rubuta `hdop` a cikin ɗigo, lambar da ke nuna yadda taurari suka bazu a sama: ƙaramar lamba alamar kyau ce, babba alamar rauni. Inda take, tana taimakawa wajen zaɓen abin zubarwa. Wayoyi da yawa ba sa rubuta ta, don haka gudu ne abin dogaro na kullum.

Mataki na gaba wurin hutu ne. Matasan sun zauna minti 20 a ƙarƙashin wani dutse, ɗigo 1,200 ke nan. Idan kowane ɗigo ya motsa rabin mita kacal daga na baya, an tara mita 600 mutum yana zaune yana shan ruwa. Maganinsa shi ne a nemo duk inda ɗigogi suka ƙi fita daga da'irar mita 10 fiye da minti biyu, a haɗe su su zama wuri guda, a riƙe lokacin isa da lokacin tashi don kada lissafin hutu ya ɓace. Sai dai mai hawan dutse da hannu da ƙafa shi ma yana iya yin minti biyu bai matsa mita 10 a taswira ba, alhali sama yake yi. Kafin a kira wuri hutu, sai a duba ko tsayi yana ƙaruwa a cikinsa. Bayan wannan mataki sawun ya koma kilomita 8.7.

Sai rawar layi, wadda ƙanƙantarta ke sa a raina ta. A ce mutum ya ci gaba mita 1.2 a daƙiƙa ɗaya, ɗigon kuma ya karkace rabin mita zuwa gefe. Nisan da za a lissafa tsakanin ɗigogin biyu mita 1.3 ne, ƙarin fiye da kashi 8 cikin ɗari a wannan taku kaɗai. Kuma ƙarin ba ya biyan kansa: ko dama aka karkata ko hagu, layin tsawo yake ƙarawa, ba ya raguwa. Shi ya sa sawun da aka rubuta kowace daƙiƙa kusan kullum yake fin tafiyar tsawo. Ana sassauta shi da matsakaici: a maye gurbin kowane ɗigo da matsakaicin kansa da biyu na gabansa da biyu na bayansa.

Yawan ɗigogin da ake haɗawa shi ne wurin hattara. Ɗigo biyar suna rufe 'yan mitoci ne kawai na hanya, ba za su ɓata siffarta ba. Ɗigo sittin suna rufe fiye da mita 70, kuma a hawan da hanya ke lanƙwasa tana komowa, za su aske duk kwanonin, su fito da layi mai kyan gani wanda ya gajarce gaskiya. Alamar an wuce gona da iri ita ce sawun ya fara ratsa cikin kwana maimakon ya zagaye ta. Dalilin da ya sa ake cire tsalle kafin a zo nan shi ma a fili yake: idan aka bar tsallen mita 60 a cikin matsakaicin ɗigo biyar, zai ja dukansu mita 12 zuwa gefe, ya ɓata masu kyau tare da maras kyau. Haka kuma ba a haɗa matsakaici ta kan giɓi. Inda sigina ta yanke na mintuna, sai a raba sawun gida biyu da `trkseg`, domin miƙaƙƙen layin da manhaja ke zanawa a tsakani ba wanda ya bi shi. A misalin, a ce wannan mataki ya rage mita 300, an tsaya a kilomita 8.4.

Rage yawan ɗigo shi ne na ƙarshe, kuma ba dole ba ne sai ana son ƙaramin fayil. Dabarar da aka fi sani ita ce ta Douglas da Peucker ta 1973: duk ɗigon da cire shi ba zai kawar da layin fiye da wani nisa da aka zaɓa ba, a cire shi. Manhajar GPSBabel tana yin irin wannan aiki da umarni guda, a nan da iyakar mita 5:

```
gpsbabel -t -i gpx -f sawu.gpx \
  -x simplify,crosstrack,error=0.005k \
  -o gpx -F ragagge.gpx
```

Ba a fara da shi ba ne saboda ɗigon da ya fi fita gefe shi ya fi ɗauka da muhimmanci, wato tsallen da ake son kawarwa shi zai fara riƙewa.

Batun tsayi

Lissafin hawa ya fi lissafin nisa lalacewa. Duk taurarin da waya ke gani a sama suke, babu ko ɗaya a ƙarƙashinta, don haka kuskuren tsayi yakan ninka na matsayi sau biyu ko fiye. A ce waya ta rubuta 1,300, 1,302, 1,299, 1,303, 1,301, 1,304. Idan aka tara duk wani ƙari, hawa ya zama mita 9, alhali tsakanin farko da ƙarshe mita 4 ne kawai. A maimaita wannan na awa uku, sai a ga an ba mutum hawan ɗaruruwan mitoci da bai yi ba. Ana gyarawa ta hanyar ƙin ƙidaya canji sai ya wuce wata iyaka daga tsayin da aka amince da shi na ƙarshe, kamar mita 10 ga waya mai GPS kaɗai, ko mita 3 ga agogon da ke auna tsayi da nauyin iska. Shi kuma irin wannan agogon raunin nasa yanayi ne: idan hadari ya taso nauyin iska ya sauka, zai zaci an hau sama. Hanya ta uku ita ce a zubar da tsayin na'ura, a ɗauko na taswirar tsayi irin ta SRTM da aka auna a shekarar 2000, wadda ke ba da lamba ɗaya ga kowane fili mai faɗin kamar mita 30. Wannan na da kyau a tudu mai sauƙi, amma a bakin gangare mai tsauri zamewar mita 10 na iya jefa ɗigo daga kan dutse zuwa ƙasansa. Don gwadawa da tsari, abin da ya fi dacewa shi ne a lissafa tsayin sawu da na hanyar da aka tsara daga tushe ɗaya.

Gwada sawu da hanyar da aka tsara

Yanzu akwai kilomita 8.4 a gaban kilomita 8. Mai gaggawa zai ce an ƙara mita 400, ya rufe littafi. Jimilla ba ta faɗin inda aka bar hanya, kuma ƙari a wani wuri yana iya ɓoye ragi a wani.

Auna nisa da digiri yana da wahala, domin digirin gabas da yamma yana raguwa yayin da ake yin arewa. Sai a mayar da layukan biyu zuwa tsarin da ke ƙidaya da mita. Jos tana cikin yankin UTM na 32 arewa, wanda ya kama daga digiri 6 zuwa 12 gabas, kuma a QGIS ana zaɓensa da `EPSG:32632`. Bayan haka a sake yanka sawun, a sa ɗigo kowane mita 10. Dalili shi ne ɗigogin asali na bin agogo ne: inda aka yi jinkiri sun yi yawa, inda aka yi sauri sun yi kaɗan, don haka ƙidayarsu lokaci take aunawa, ba hanya ba. Kilomita 8.4 za su ba da ɗigo 840.

Ga kowane ɗigo ana neman nisansa daga layin tsari, kuma dole ne a auna zuwa jikin layin, ba zuwa ɗigon tsari mafi kusa ba. Hanyar da aka zana da hannu tana iya samun mita 200 tsakanin ɗigo da ɗigo. Wanda ke tsakiyarsu, a kan layi sosai, zai bayyana kamar ya kauce mita 100 idan da ɗigogi aka auna. Sannan a zaɓi iyakar da za a kira kaucewa. Dole ta fi kuskuren na'ura da kuskuren taswira a haɗe, domin hanyar ƙafa da ke kan OpenStreetMap ma wani ne ya zana ta daga hoto ko daga sawun wayarsa. A cikin duwatsu mita 25 iyaka ce mai ma'ana. Mita 5 za ta nuna kowa a matsayin ɓatacce.

A misalin Shere, awon ya nuna kamar ɗigo 55 a jere sun wuce iyaka, nisan yana ƙaruwa har kusan mita 300, sannan yana raguwa har ya koma ƙasa da 25. Wannan siffa, ta hawa a hankali da sauka a hankali tare da gudun ƙafa na hankali, ita ce ta ɓatan hanya na gaskiya: sun shiga wani kwari da ba shi ba, suka gane, suka juyo, mita 600 zuwa da dawowa. Fiye da kashi 93 cikin ɗari na sawun yana kan hanya. Amma lissafi bai cika ba. Ƙarin mita 600 ne, jimilla kuwa ta nuna 400.

Amsar tana fitowa ne idan aka juya awon, aka auna daga tsari zuwa sawu. A wani hawa tsarin ya lanƙwasa, ya tafi mita 120 ya komo mita 120, bakin lanƙwasar kuwa mita 40 ne kawai tsakani. Matasan sun ratse kai tsaye. Duk tsawon ratsen ba su yi nisan fiye da mita 20 daga layin tsari ba, don haka awon farko bai ga komai ba. Awo na biyu ne ya nuna ƙarshen lanƙwasar yana nesa da sawunsu da kusan mita 120, kuma kusan mita 190 na tsarin ba wanda ya kusance su. Sun rage mita 200 a nan, sun ƙara 600 a kwari, saura 400. Awon farko yana nuna inda aka je da ba a tsara ba, na biyu yana nuna inda aka tsara da ba a je ba, kuma kowane shi kaɗai rabin labari ne.

Masana lissafi suna kiran mafi girman nisan da aka samu daga awon biyu nisan Hausdorff. Lamba ce guda, mai saurin lalacewa, domin tsalle ɗaya da ya tsira daga tsaftacewa ya isa ya zama ita ce amsar. Kuma ba ta damu da jeri ba: wanda ya yi zagayen ta baya, ko ya bi wani yanki sau biyu, zai fito kamar ya bi tsari daidai. Inda jeri ke da muhimmanci ana amfani da nisan Fréchet, wanda za a iya fahimtarsa da mutum da akuyarsa: shi yana bin layi ɗaya, ita tana bin ɗayan, babu mai komawa baya, sai a nemi igiya mafi gajarta da za ta ishe su daga farko har ƙarshe. Ga yawancin masu hawa, ya wadatar a duba ko matsayin kowane ɗigo a kan tsari yana ci gaba ne ko yana tsallake-tsallake. A hanyar zuwa da dawowa ta wuri ɗaya sai a raba sawun a wurin juyawa, a gwada kowane rabi dabam.

Saura zamewa, wadda duk matakan nan ba sa kama ta. Gudunta daidai ne, layinta sumul ne, kuma tana iya wuce iyakar mita 25 ta yi kama da ƙaramin kaucewa. Ana gane ta ne da shaidar waje. Idan ta fara daidai inda hanya ta shiga gindin katangar dutse ta ƙare inda aka fito fili, zargi yana kan na'ura. Idan hoton tauraron ɗan'adam ya nuna sawun yana ratsa fuskar dutsen da ba a iya takawa, haka nan. Idan kuwa wayoyi biyu ko uku na abokan tafiya, ko sawun zuwa da na dawowa, duk suka kauce gefe ɗaya da nisa ɗaya a fili inda sama take a buɗe, to taswirar ce ba daidai ba, kuma layin tsarin ne ya kamata a gyara kafin tafiya ta gaba. Inda babu irin wannan shaida, ana barin yankin yadda aka rubuta shi a yi masa alamar rashin tabbas, domin jawo sawu da hannu zuwa kan layin tsari yana share abin da gwajin ya zo nema.